In Ba a Yi Ba Fa? Yadda Ake Karanta Jadawalin Suna, Balaga, Aure da Mutuwa

Akwai wani jadawali da kusan duk littafin koyar da kwatanta addinai yake ɗauke da shi. A gefe ana jera sunayen addinai, a sama kuma ana jera matakai huɗu na rayuwar ɗan Adam: raɗin suna, balaga, aure da mutuwa. Sai a cike kowane gurbi da 'yan kalmomi. Malamai suna son sa domin yana da sauƙin koyarwa, ɗalibai ma suna son sa domin yana da sauƙin haddacewa. Ma'aikacin jinya a asibitin da ke karɓar mutane iri-iri, da lauyan da ke rabon gado, da jami'in da aka tura aiki wata ƙasa, duk sukan nemi irinsa don kada su yi katoɓara.

Asalin wannan tsari yana komawa ga wani masanin al'adu mai suna Arnold van Gennep, wanda ya wallafa littafi da Faransanci a shekarar 1909 a kan bukukuwan da ke fitar da mutum daga wani matsayi zuwa wani. Ya lura cewa irin waɗannan bukukuwa sukan bi hawa uku: a raba mutum da tsohon matsayinsa, a ajiye shi na ɗan lokaci a tsakani, sannan a shigar da shi sabon matsayi. Wanda ya san yadda ake kama amarya, a sa ta a lalle, daga bisani a kai ta ɗakinta, ba zai sha wahalar gane abin da yake nufi ba.

Ga yadda jadawalin yakan kasance idan aka taƙaita shi a kan addinai huɗu:

| Addini | Suna | Balaga | Aure | Mutuwa |
|---|---|---|---|---|
| Musulunci | Rana ta 7, da yankan suna | Babu biki na addini | Waliyyi, sadaki, shaidu | Wanka, likkafani, salla, binnewa |
| Yahudanci | Rana ta 8, tare da kaciya | Bar mizba, shekara 13 | Zobe, shaidu, takardar ketuba | Wanka, binnewa, makokin kwana 7 |
| Kiristancin Katolika | Baftisma a makonnin farko | Ibadar tabbatarwa | Alkawari a gaban fada da shaidu | Addu'ar jana'iza, binnewa ko ƙonawa |
| Hindu | Namakarana, rana ta 11 ko 12 | Ufanayana, ɗaura zare | Taku bakwai a gaban wuta | Ƙonawa, hidimar kwana 13 |

Babu ƙarya a cikin ko ɗaya daga waɗannan gurabe. Matsalar tana wajen jeri. Idan aka ɗora abubuwa huɗu a layi ɗaya, ido yakan ɗauka cewa aikinsu ɗaya ne, sunayensu ne kawai suka bambanta. Bahaushe kuwa tuni ya ce kama da wane ba ta wane. Akwai tambaya guda da ke tona abin da jadawalin ya rufe, kuma ana iya yi wa kowane gurbi ita: in ba a yi wannan abu ba, ko aka yi shi ba daidai ba, me ke faruwa? Amsar tana raba gurabe goma sha shida ɗin nan gida uku. Akwai hidimar da ita ce ke ƙulla matsayin, in ta ɓaci matsayin bai samu ba. Akwai wadda shela ce kawai ta abin da ya riga ya faru. Akwai kuma wadda haƙƙi ce da ke wuyan wasu, in suka bar ta laifin nasu ne.

Suna: bakwai da takwas da suka faɗo rana ɗaya

Abu na farko da mai karatu zai gani a layin suna shi ne lambobi: bakwai a wajen Musulmi, takwas a wajen Yahudawa. Zai ɗauka bambancin kwana guda ne. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, ba a lissafa ranar da aka haifi jaririn idan an haife shi bayan alfijir ya keto. Saboda haka yaron da aka haifa ranar Talata da hantsi, ranar Laraba ce ta ɗaya, kuma Talatar da ta zagayo ita ce ta bakwai. Yahudawa kuwa suna lissafa ranar haihuwar a matsayin ta farko, muddin an haihu kafin rana ta faɗi. Ke nan yaron da aka haifa ranar Talata da hantsi, Talatar da ta zagayo ita ce ta takwas. Jarirai biyu da aka haifa a sa'a ɗaya, ɗaya a Zariya ɗaya a birnin Ƙudus, za a yi musu taro rana guda, alhali jadawali ya rubuta musu lambobi daban.

Ainihin bambancin yana can inda jadawalin bai nuna ba. Yankan suna, wato aƙiƙa, sunna ce a wajen mafi yawan malaman Musulunci. Malikiyya sun ce dabba ɗaya ta wadatar ga namiji ko mace, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa sun fi son biyu ga namiji, ɗaya ga mace. Idan uba ba shi da halin rago, yaron bai rasa komai na Musuluncinsa ba, kuma sunansa ya tabbata. Haka nan a shari'ar Yahudawa ta gargajiya, wanda uwarsa Bayahudiya ce shi ma Bayahude ne tun daga haihuwa. Kaciyar rana ta takwas wajibi ce mai nauyi a kan uba, har ana yin ta ko da ranar ta faɗo Asabar, ana kuma ɗage ta idan jaririn ba shi da lafiya, amma ba ita ce ke mai da shi Bayahude ba.

Baftisma a cocin Katolika wani abu ne daban. Suna ma ba shi ne gundarinta ba. A koyarwar cocin, ita ce ƙofar da mutum ke bi ya zama Kirista, kuma duk sauran manyan ibadoji a kanta suke tsayawa. Wani al'amari da ya faru a Amurka ya nuna iyakar nauyin wannan magana. A watan Agustan 2020 fadar Batikan ta fitar da hukunci cewa baftismar da aka yi da lafazin jam'i, wato mai yin ta ya ce "muna yi maka" a maimakon "ina yi maka", ba ta inganta ba. Wani fada a yankin Detroit mai suna Matthew Hood ya taɓa kallon faifan bidiyon baftismarsa ta shekarar 1990, kuma ya ji cewa da lafazin jam'i aka yi masa. Da hukuncin ya fito sai lissafi ya warware tun daga tushe: tunda baftismarsa ba ta inganta ba, tabbatarwarsa ma ba ta inganta ba, haka nan naɗin da aka yi masa na fada a 2017. Dole aka sake yi masa dukkansu a cikin 'yan kwanaki. Aka kuma nemi mutanen da ya yi wa hidima a shekaru ukun nan da su zo a duba matsayinsu, musamman waɗanda ya ɗaura wa aure. Abin mamaki, baftismar da shi ya yi wa wasu ta tsaya daram, domin a dokar cocin kowa na iya yin baftisma ingantacciya idan ya yi amfani da ruwa da lafazin da ya dace da niyyar da ta dace.

Ba a taɓa jin an koma an rushe matsayin wani Musulmi saboda liman ya yi tuntuɓen harshe ranar suna ba. Gurabe biyun suna layi ɗaya a jadawali, amma ɗaya tushen gini ne, ɗaya kuwa taron godiya da shela.

Balaga: gurbin da ba kowa ke da abin sawa ba

Wannan layi shi ne ya fi wahalar da masu zana jadawali, domin ba sa son barin gurbi fayau. Sau da yawa sukan cusa wani abu a gurbin Musulunci, kamar saukar Alƙur'ani ko kaciya ko azumin farko. Dukkansu abubuwa ne masu daraja a rayuwar yaro, amma babu wanda shari'a ta ɗaura balaga a kansa. Balaga a fiƙihu hali ne da ke samuwa da alamomin jiki, kamar mafarki ga namiji da haila ga mace. Idan alamomin ba su bayyana ba sai a koma ga shekaru: goma sha biyar a wajen Shafi'iyya da Hambaliyya, goma sha takwas a mashhurin zancen Malikiyya. Daga wannan lokaci salla da azumi sun hau kan mutum, ko an sani ko ba a sani ba. Babu taro, babu shaida, wani lokaci ma iyaye ba su da labari. Ba abin mamaki ba ne da masu nazarin al'adun Hausawa suka saba jera matakai uku kawai: aure, haihuwa da mutuwa.

Bar mizba ta Yahudawa tana da biki babba, amma a ƙarƙashin bikin tsarin ya yi kusa da na Musulunci fiye da yadda jadawali ke nunawa. Ma'anar kalmar ita ce wanda umarni ya hau kansa. Yaro yana zama haka ranar da ya cika shekara goma sha uku, yarinya kuma goma sha biyu a tsarin gargajiya, ko an yi taro ko ba a yi ba. Kiran da ake yi wa yaron ya fito ya karanta wani yanki na Attaura a gaban jama'a nuni ne cewa yanzu ya isa, har ana iya ƙirga shi cikin mutum goman da sallar jam'i ke bukata. Bikin 'yan mata ma sabon abu ne: wanda aka fi ambata a matsayin na farko a Amurka an yi shi ne a New York a shekarar 1922, ga 'yar malamin Yahudawa Mordecai Kaplan. Kafin wannan lokaci 'yan mata suna balaga a idon shari'arsu ba tare da an tara kowa ba.

Ibadar tabbatarwa ta Katolika kuwa an saka ta a wannan gurbi ne saboda a ƙasashe da yawa matasa ake yi wa. Amma dokar cocin ta ce ana iya yin ta tun daga lokacin da yaro ya fara hankali, wato wajen shekara bakwai, sai dai in majalisar bishop-bishop ta ƙasa ta tsayar da wasu shekarun. Cocin Gabas kuma suna yi wa jariri ita nan take bayan baftisma. Abin da ake iya yi wa ɗan wata biyu ba zai zama bikin balaga ba. Cikon baftisma ce, kuma saɓanin bar mizba, ba ta samuwa da kanta: in ba a yi ba, ba a yi ba.

Ufanayana ta Hindu ita ma ba ta zauna daidai a gurbin ba. Tsofaffin littattafan dokokinsu sun tsayar da shekara takwas ga ɗan Barahmin, sha ɗaya ga ɗan jinsin mayaƙa, sha biyu ga ɗan jinsin 'yan kasuwa. Ana rataya wa yaron zare mai tsarki daga kafaɗar hagu, a koya masa addu'ar da zai riƙa yi, a miƙa shi ga malami. Farkon karatu ne, ya fi kama da ranar da ake kai yaro makarantar allo. Sannan a tsarin gargajiya ba a yi wa 'ya'yan ƙananan jinsuna, kuma galibi ba a yi wa 'yan mata. Gurbin da aka rubuta da sunan addinin baki ɗaya, ashe na wani yanki ne na mazan cikinsa.

Aure: daƙiƙar da ake zama miji da mata

A wannan layi ne kawai addinan huɗu suka haɗu a kan cewa hidimar ita ce ke ƙulla matsayin. Mutum kan balaga ba tare da sanin kowa ba, amma ba ya wayar gari ya ga ya zama mai aure. Sai dai kowane addini ya ajiye ƙullin a wani wuri daban, kuma sanin wurin shi ne ke raba aure da zaman banza a gaban alƙali.

A Musulunci aure yarjejeniya ce. A Malikiyya ana bukatar waliyyi, da sadaki wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, da siga ta nema da bayarwa, da shaidu biyu adalai. Liman ba sharaɗi ba ne, masallaci ma haka. Lefe, kamu, ƙunshi, kai amarya da buɗar kai duk al'ada ce, kuma auren da aka ɗaura a zaure cikin minti biyar ya cika ko da ba a yi ko ɗaya daga cikinsu ba. Tunda yarjejeniya ce, tana da ƙofar fita: saki, ko hul'i, ko raba auren da alƙali zai yi.

Auren Yahudawa yana kusa da wannan. Ango yana ba amarya abu mai daraja, galibi zobe, a gaban shaidu biyu, ana kuma rubuta ketuba, takardar da ke ɗauke da haƙƙoƙinta a kansa. Ƙofar fita tana nan, amma a tsarin gargajiya mijin ne kaɗai zai iya ba da takardar sakin da ake kira get, kuma da yardarsa. Matar da mijinta ya ƙi bayarwa ko ya ɓace ana ce mata aguna, wato ɗaurarriya: ko kotun ƙasa ta raba su, a idon addini tana nan matarsa, ba ta da damar sake aure.

A Katolika, ma'auratan ne ke ƙulla auren da yardar da suka furta, amma tun daga taron Trent na shekarar 1563 cocin ya shar'anta cewa a yi shi a gaban fada da shaidu. Dalilin dokar shi ne auren ɓoye da ya addabi Turai a lokacin, inda mutum zai yi wa mace alkawari a asirce daga baya ya musanta. Auren da ya inganta tsakanin masu baftisma biyu, kuma aka tare, mutuwa ce kawai ke raba shi. Abin da kotun coci ke iya yi shi ne ta bincika ta ce tun farko auren bai ƙullu ba, misali saboda tilas ko yaudara.

Hindu sun ajiye ƙullin a ƙafa. Dokar auren Hindu ta Indiya ta shekarar 1955 ta ce a inda al'adar ma'aurata ta ƙunshi taku bakwai a gaban wuta mai tsarki, auren yana cika ne da taku na bakwai. A shekarar 2024 wata shari'a ta kai gaban Kotun Ƙolin Indiya: wasu matuƙan jirgin sama biyu sun karɓi takardar shaidar aure daga wata ƙungiya, suka yi rajista da ita a hukumance, da niyyar yin bikin gargajiya daga baya. Kafin lokacin ya zo suka ɓata. Kotun ta yanke cewa tunda ba a yi hidimomin da dokar ta ambata ba, babu aure tsakaninsu tun asali, kuma rajista ba ta haifar da abin da bai faru ba.

Wannan darasi bai tsaya a Indiya ba. A Nijeriya doka ta san aure iri uku: na dokar aure ta ƙasa, wanda mace ɗaya kawai ya yarda da ita, da na gargajiya, da na Musulunci. Addu'ar sa albarka da aka yi a coci ba tare da cika sharuɗɗan dokar ƙasa ba, ba ta mai da aure ya zama na wannan doka. Yawancin iyalai ba sa gano irin auren da ke hannunsu sai ranar da mai gida ya rasu aka zo rabon gado.

Mutuwa: haƙƙin da ke wuyan masu rai

A layin ƙarshe wanda ake yi wa hidimar ba ya iya neman ta, ba ya kuma iya ƙin ta. Saboda haka tambayar tana juyawa: in ba a yi ba, wa ya yi asara?

A Musulunci wanka da likkafani da sallar jana'iza mai kabbara huɗu da binnewa farilla ce ta kifaya. Idan wasu suka yi, ta faɗi a kan kowa. Idan kowa ya bari, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Mamacin da ya nutse a teku ba a ga gawarsa ba, ba a cewa makomarsa ta lalace saboda rashin kabari. Nauyin na masu rai ne. Zaman makoki kwana uku ne, sai matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa in tana da ciki. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in da aka sani a ƙasar Hausa al'ada ce, malamai ma sun daɗe suna saɓani a kanta.

Yahudawa sun yi kusa da wannan matuƙa: akwai ƙungiyar sa kai da ke wanke gawa, ana sa ta a farin likkafani marar ado, ana gaggauta binnewa, kuma tsarin gargajiya ya haramta ƙonawa. Inda suka fi tsawaitawa shi ne makoki, wanda suka yi masa hawa-hawa: kwana bakwai na zaman gida, sannan cikon kwana talatin, sannan wata goma sha ɗaya da ɗa ke karanta addu'ar kaddish ga mahaifi ko mahaifiya.

A Katolika, jana'iza ba ta cikin manyan ibadoji bakwai na cocin, duk da cewa baftisma da tabbatarwa da aure suna ciki. Gurbin kuma ya sauya a zamanin nan. An daɗe ana haramta ƙona gawa, sai a 1963 aka sassauta, sannan a 2016 Batikan ta ƙara bayani cewa a ajiye tokar a wuri mai tsarki kamar maƙabarta, kada a watsa ta a iska ko a ruwa. Jadawalin da aka buga kafin 1963 da wanda aka buga bayanta ba za su faɗi abu ɗaya ba.

Hindu ne suka ba hidimar mutuwa aikin da ya shafi mamacin kansa. Ƙonawar suna kiranta hadayar ƙarshe, kuma bisa al'ada babban ɗa ne ke kunna wutar. A kwanakin da ke biye ana miƙa dunƙulen shinkafa, har zuwa hidimar da ake yi wajen rana ta goma sha biyu, wadda a imaninsu ita ce ke shigar da mamacin cikin sahun kakanni. In ba a yi ba, ana jin tsoron ruhinsa ya zauna a tsakani. Ko a nan ma kalmar ƙonawa ba ta game kowa ba, domin ƙananan yara da waɗanda suka rabu da duniya suka zama masu zuhudu galibi binne su ake yi.

Abin da kan faru idan hukuma ta ɗauki waɗannan gurabe a matsayin hanyoyi daban-daban na kawar da gawa, waɗanda ake iya musanya ɗaya da ɗaya, an gan shi a Sri Lanka. A shekarar 2020 gwamnatin ƙasar ta wajabta ƙona duk wanda cutar korona ta kashe, bisa zargin cewa binnewa za ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya binnewa ko ƙonawa. Ga mabiya addinin Buddha da Hindu, waɗanda su ne mafi rinjaye kuma ƙonawa sananniya ce a wajensu, dokar ba ta taɓa tushen imani ba. Ga Musulmi, waɗanda suke kusan kashi goma cikin ɗari na jama'ar ƙasar, an hana su sauke farillar da ke wuyansu, aka kuma yi wa gawar abin da addininsu ya haramta. Wasu iyalai sun ƙi karɓar tokar. An janye dokar a watan Fabrairun 2021, kuma a watan Yulin 2024 gwamnati ta nemi afuwa a hukumance.

Karatu a kwance

Jadawalin yana da amfani matuƙar an san iyakarsa. Yana nuna inda za a fara tambaya. Wanda ya karanta shi daga sama zuwa ƙasa zai ga addinai huɗu suna yin abu ɗaya da tufafi daban. Wanda ya karanta shi a kwance, addini ɗaya daga suna zuwa kabari, zai ga inda kowanne ya ajiye nauyinsa. Katolika sun ɗora shi a ƙofar shiga, har kalma ɗaya tana iya warware shekara talatin. Musulunci ya bar suna a matsayin sunna, ya bar balaga ba biki, ya tsananta a sharuɗɗan aure da haƙƙin gawa. Yahudanci ya ba haihuwa da shekaru ikon tabbatar da matsayi, ya ajiye tsananinsa a kaciya da takardar saki. Hindu sun ba hidimar kanta ƙarfin aikatawa, daga taku na bakwai zuwa dunƙulen shinkafa na ƙarshe.

Sannan kowane layi na jadawalin gida ne mai ɗakuna da yawa. Gurbin Katolika ba ya wakiltar 'yan Baftis, waɗanda ba sa yi wa jarirai baftisma sam, sai mutum ya girma ya furta imaninsa da bakinsa. Gurbin Malikiyya ba ya wakiltar Hanafiyya, waɗanda suka yarda baligar mace ta ɗaura aurenta ba tare da waliyyi ba. Don haka likitan da zai sallami gawa, ko jami'ar da za ta rubuta "mai aure" a takarda, ko maƙwabcin da aka gayyata taron da bai saba gani ba, abin da ya fi masa shi ne ya tambayi masu abin kai tsaye: a cikin duk wannan hidima, wane ɓangare ne in aka bar shi an bar komai? Galibi amsar ba ta wuce jimla ɗaya, kuma ba kasafai take zama ɓangaren da ya fi tara jama'a ba.